Gobara a bakin famfo: me za a rubuta a layin farko?

Malam Sabo, manaja (Titin Bauchi):
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin sake rubuta littafin kiyaye haɗari na gidan man da nake riƙewa, kuma sashen gaggawa ya tsaya mini, don shi dole a jera shi bi da bi, abin da za a fara yi shi ke sama. Ga yadda na tsara na gobara a bakin famfo: a sanar da manaja ko sufabaiza, a ɗauko tukunyar kashe gobara, a kashe famfo, a fitar da kwastomomi, sannan a kira 'yan kwana-kwana. Famfo huɗu gare mu, kowanne baki biyu. Da dare mutum huɗu ke kwana: yara biyu a famfo, mai karɓar kuɗi a ofis, da maigadi. Don Allah waɗanda suka san harkar su duba mini jerin nan kafin in buga.

Nasiru (mai ba da mai, Farin Gada):
Wa alaikumus salam Oga. Ku yi haƙuri, amma ƙarfe tara na dare manaja yana gidansa. Idan layin farko ya ce a sanar da shi, to waya zan tsaya lalube ke nan wuta tana ci?

Baba Danladi (tsohon ɗan kwana-kwana):
Yaron nan ya riga ni. Malam Sabo, abubuwan da ka lissafa duk suna da gurbi, amma na ukunka shi ne na ɗaya. Bari in ba ka dalili da lissafi.

Famfon fetur yana zuba kamar lita 40 a minti ɗaya. A ce mota tana shan mai, wuta ta tashi a bakin tankinta, yaro ya ruga ofis neman oga ya dawo, daƙiƙa 30 sun wuce. Idan bakin famfon a maƙale yake yana zuba, ko tiyo ya ƙone ya fashe, lita 20 ke nan ta fito, saura kaɗan ta cika jarka mai lita 25. Tukunyar hoda mai kilo 9 kuwa, in ka danne ta ba ka saki ba, wajen daƙiƙa 20 ta ƙare. Ka ga kai naka abin yana ƙarewa, ita wutar ana ta ƙara mata ci. Ba za ka taɓa cin ta ba.

Saboda haka layin farko: a danna jan maɓallin tsayar da mai, ana ihun "wuta" ana gudu zuwa gare shi. Ihu da dannawa layi ɗaya ne, ba a jiran ɗaya ya ƙare. Sanar da manaja ka kai shi can ƙasa.

Alhaji Garba Tanka:
Ni dai abin da na sani shekara da shekaru ina sauke mai, idan wuta ta tashi a kashe janareta, shi ke nan komai ya tsaya. Ba sai an tsawaita ba.

Injiniya Auwal (mai haɗa wutar gidajen mai):
Alhaji, kashe janareta yana tsayar da famfo idan a kan janaretan ake. To idan akwai wutar NEPA fa? Ko gidan yana kan sola? Yanzu da yawa layi uku gare su. Kuma ɗakin janareta yawanci can bayan gini yake, a kulle, makullin yana aljihun wani. Kafin a je can an yi asarar mintin da Baba yake magana a kai.

Malam Sabo, tunda za ka sa maɓallin a layin farko, to ka tabbata yana aiki kafin ka rubuta. An taɓa kira na wani gidan mai a hanyar Zariya, maɓallin yana nan a bango, ja, har da allo a samansa. Na ce a tada janareta, a ɗaga bakin famfo, na danna. Famfo ya ci gaba da zuba abinsa. Da na buɗe akwatin wuta sai na ga wanda ya yi aikin a kan layin NEPA ya haɗa shi, kafin wurin canja layi. Wato in ana kan janareta, maɓallin ado ne kawai. Kuma mutanen gidan ba su taɓa sani ba, don ba wanda ya taɓa danna shi.

Gwajin ba wuya. Da asuba kafin layi ya taru, a ɗaga bakin kowane famfo ɗaya bayan ɗaya ana zubawa a gwangwanin awo, a danna. A yi a kan NEPA, a sake a kan janareta, a sake a kan sola in akwai. Kowanne ya tsaya nan take. Sannan idan aka saki maɓallin kada famfo ya tashi da kansa, sai an je akwati an mayar da hannu. In ya tashi da kansa, haɗin bai yi ba.

Malam Sabo:
Namu yana cikin ofis, bayan teburin mai karɓar kuɗi. Da dare yakan kulle ƙofa saboda tsaro, ta taga yake karɓa.

Injiniya Auwal:
To ka ga matsala. A ƙara ɗaya a waje, jikin bangon ofis, inda yaro zai hango shi daga kowane famfo. Kada a sa shi jikin famfon kansa, nan ne wutar take. Wani abu kuma, ka duba wane irin famfo gare ku. Akwai mai injin a cikin jikinsa yana zuƙo mai, akwai wanda injin yana nutse cikin tankin ƙasa yana turo wa duk famfunan. Irin na biyun nan, ko ka kashe famfon da ke ci, muddin wani yaro yana ba da mai a ɗaya gefen, injin ƙasa yana aiki, bututun kuma cike yake da ƙarfi. Shi ya sa ba za ka rubuta "a kashe famfo" ba. Ka rubuta a danna maɓallin da ke tsayar da duka.

Nasiru:
Zan faɗi wata gaskiya, manyanmu ku yi haƙuri. Mu yara tsoron maɓallin nan muke yi. In ka danna komai ya tsaya, wanda ya sha rabin mai ya ja motarsa ya tafi bai biya ba, gobe a ce shotej ne a cire a albashinka. Na san wanda aka yi wa haka a wani wuri da na yi aiki, ƙaramar wuta ce ta tashi a injin keke, ya danna, aka ce ya yi gaggawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kusantar maɓallin.

Hajiya Binta (mai gidan mai, Bukuru):
Nasiru, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. Wannan laifin namu ne masu gida, kuma gyaransa a rubuce ya kamata ya zama. Malam Sabo, a ƙarƙashin layin farko ka sa jimla ɗaya: kowa yana da ikon dannawa ba tare da neman izini ba, har maigadi da mai shara, kuma ba za a cire wa kowa ko sisi ba ko da daga baya an ga abin bai kai ba. Mai gida ya sa hannu a ƙasan wannan jimlar da kansa. Kuɗin lita goma da wani ya gudu da shi nawa yake a kan famfo ɗaya da ya ƙone, balle rai?

Shafi'u Katako:
Ni a ganina matsalar duk waya ce. A hana mutane amsa waya a gidan mai, a hana ba da mai a jarka, ba za a ga gobara ba. A manna manyan alluna.

Malam Sabo:
Malam Shafi'u, wannan yana sashen rigakafi, na riga na rubuta shi. Nan maganar bayan wuta ta riga ta tashi ce.

Baba Danladi:
Amma maganar jarka da ya kawo tana da amfani a nan, don ita ke nuna irin wutar da za ku fi gani. A hunturun Jos iska ta bushe ƙayau, ka taɓa ƙofar mota ka ji ta ɗan ja ka. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur a bakin tanki. Direba ya koma cikin mota ya zauna, rigar sanyinsa ta goga kujera, ya fito ya kai hannu wajen bakin famfo, sai wuta. Haka jarkar roba da ake cikawa tana cikin but ko a kan kujerar keke ba a ajiye ta ƙasa ba.

To a nan ne layi na biyu yake, kuma shi ne wanda ya fi wuyar bi: kada a zare bakin famfo daga motar. Hannun mutum da kansa yake son fizgewa. Muddin bakin yana ciki, wutar ɗan harshe ce a bakin tanki, don cikin tankin tururi ya yi yawa, iska ba ta ishe shi ya kama ba. Ka fizge kuwa, fetur mai ci da wuta za ka watsa a jikin mota, a ƙasa, a wandonka, a kan wanda ke tsaye kusa. Yawancin ƙunar da na gani a irin wannan daga fizgewar ne. A saki, a ja baya.

Ka rubuta shi da manyan baƙaƙe, kuma kada ka tsaya ga rubutu. Ku riƙa gwadawa famfo a kashe, wani ya yi ihu, yaro ya saki ya ruga wajen maɓalli, har hannunsa ya saba.

Alhaji Garba Tanka:
Wannan gaskiya ne Baba. Ko mu a kan tanka, in wuta ta kama bakin murfi rufewa ake yi, ba buɗewa ba.

Maman Ummi (ma'aikaciyar jinya):
Mijina ne ke aikin gidan mai, shi ya sa nake cikin zauren nan. Ina mutanen da ke cikin motar? A jerin Malam Sabo sai na huɗu ake tunawa da su. Motar haya ce fa wani lokaci, da mata da goyo, ƙofar baya kuma ba ta buɗuwa sai ta waje.

Baba Danladi:
Kin yi daidai. Mutane kafin tukunya. Amma a nan ne rubutu bi da bi yake ruɗar mutane, sai a ɗauka mutum ɗaya ne zai yi na ɗaya ya gama ya yi na biyu. Ku huɗu ne, to kowane layi a sa masa mai shi. Bari in bi da ku ta misalin gidan Malam Sabo.

Ƙarfe tara na dare. Motar haya tana famfo na biyu, ta kama. Yaron da ke ba ta mai ya saki, ya yi ihu, ya ruga ya danna. Yaro na biyu ya bar nasa famfon, ya buɗe ƙofofin motar ta gefen da babu wuta, ya fitar da mutane, ba kaya, ba jaka. Mai karɓar kuɗi tun jin ihun ya danna na ciki shi ma, ba laifi a danna biyu, ya ɗau waya yana kira. Maigadi ya tare ƙofar shiga don kada wata mota ta ƙara shigowa, yana nuna wa mutane inda za su taru. Duk wannan cikin rabin minti ne in an saba. Sai yaro na farko ya dawo da tukunya, na biyu ya biyo shi da wata yana tsaye a bayansa.

Kiran 'yan kwana-kwana da ka sa a ƙarshe, Malam Sabo, shi ne abin da ya fi ba mu wahala muna aiki. Sai mutane sun gwada duk dabararsu ta ƙare sannan su kira, mu zo mu tarar da rufi ya riga ya kama. A kira tun farko. In kun kashe kafin a iso, madalla, ba wanda zai ji haushi.

Malam Sabo:
Lambar 112 zan sa ko?

Baba Danladi:
Sa 112, sannan ka taka da kanka ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da kai ka karɓi lambar da ake samunsu kai tsaye, ka rubuta ranar da ka karɓa, ka riƙa gwada ta duk wata. Kuma ka rubuta wa mai kira abin da zai faɗa, don a firgice mutum sunan unguwarsu ma ɓace masa yake: sunan gidan mai, titi, wata alama da kowa ya sani kusa da ku, abin da ke ci, akwai tanka a ciki ko babu, akwai wanda ya ƙone ko babu. Kada ya kashe waya sai an ce ya kashe.

Nasiru:
Baba, ita tukunyar fa? An nuna mana sau ɗaya da aka ɗauke mu aiki, amma ban taɓa fesawa da hannuna ba.

Baba Danladi:
Ka tsaya iska tana bugun bayanka, hanyar gudu ma tana bayanka, tazarar kamar mita biyu zuwa uku. Ka zare fil, ka ɗan danna ka ga tana fita tun kafin ka matsa. Ka nufi gindin wutar, kana kaɗawa hagu da dama, daga gefen da ke kusa da kai kana tura ta gaba. Kada ka manna bakin a kan man da ya kwanta a ƙasa, ƙarfin hodar zai watsa shi. In ta mutu kada ka juya mata baya, hoda ba ta sanyaya ƙarfe, tururi yana iya sake kamawa. Amfanin na biyun da ke bayanka ke nan.

Ruwa kuwa a rubuta ƙarara: ba a zuba shi. Fetur yana tasowa saman ruwa, ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai inda ba ta kai ba.

Sai iyaka, wadda littattafai da yawa ba sa rubutawa. Tukunya biyu suka ƙare wuta ba ta mutu ba, ko ta shiga cikin mota, ko ta kama jikin famfo, ko ta taɓa rufi, aikinku ya ƙare. Kowa ya fita. Ka rubuta wannan da lamba kamar sauran, don yaro ya san janyewa ma umarni ne aka ba shi.

Shafi'u Katako:
Mu a wajenmu da mai ya taɓa zuba da yawa, ruwa da omo aka sa aka wanke shi zuwa kwata, kuma lafiya lau.

Baba Danladi:
Allah ne ya kiyaye ku. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kwata kuwa hanya ce kuka buɗe masa har zuwa murhun mai shayi ko mai tsire da ke bakin titi, wutar ta biyo shi ta dawo muku. Zubar mai shafinta daban, Malam Sabo, kada ka haɗa da na gobara. Farkonsu ɗaya ne, a danna maɓalli. Daga nan sun rabu: ba mai tada mota ko babur, turawa ake yi, a tare bakin kwata da yashi, a rufe man da busasshen yashi, a hana kowa zuwa da roba ya kwasa. A gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa a 2024 da ta Dikko kusa da Suleja a 2025, yawancin waɗanda suka rasu wajen kwasar mai suke.

Hajiya Binta:
To ga inda nake da ja. A gobara, sauran motocin da ke layi fa? Ni na fi son a ce kowa ya ja motarsa ya fita. Kowace mota tankin fetur ce, barinta a wurin ƙara wa wuta abinci ne.

Injiniya Auwal:
Hajiya, ranki ya daɗe, ki tuna yadda layi yake in ana wahalar mai. Kowa ya tada mota lokaci ɗaya, biyu su haɗu a ƙofar fita, an toshe, motar kwana-kwana ma ba ta da ta shiga. Ga wanda zai fizga da bakin famfo a jikin motarsa ya tsinke tiyo.

Hajiya Binta:
Ko ka rubuta a bar motoci, wallahi mai mota ba zai bari ba. Gara a rubuta abin da za a iya bi, maigadi ya riƙa fitar da su ɗaya ɗaya.

Baba Danladi:
Ni dai abin da zan tsaya a kai: motar da ke ci da wadda ke ɗaya gefen famfon, a fita a bar su. Na nesa da ke fuskantar ƙofar fita, in ba mai a ƙasa kusa da su, su tafi. Na tsakiya kuwa ya danganta da faɗin filinku, ba zan yanke daga nan ba. Ku tsaya a filin da rana ku duba.

Maman Ummi:
Kafin a rufe, a sa na wanda ya ƙone. In tufafinsa ke ci kada ya gudu, a kwantar da shi ya yi birgima ko a lulluɓe shi da bargo. Bayan an fitar da shi nesa, a zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufafin da ya manne da fata a bar shi. Ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, ba kamu. Muna shan wahalar wanke waɗannan kafin mu ga ciwon. A sanyin nan kuma a rufe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Ku rubuta asibitin da za a nufa tun yanzu, ko na Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, ko na Koyarwa da ke Lamingo, gwargwadon wanda ya fi kusa da ku, da motar da za ta kai shi.

Malam Sabo:
Na gode ƙwarai. Ga yadda ya koma, shafi ɗaya, za a manna a bangon ofis da ɗakin ma'aikata:

1. Wanda ya fara gani: yi ihun "wuta", danna jan maɓalli. Ba neman izini, ba cirar albashi.
2. Mai ba da mai: KADA KA ZARE BAKIN FAMFO. Saki, ja baya.
3. Yaro na biyu: fitar da mutane daga motar ta gefen da babu wuta.
4. Mai karɓar kuɗi: kira 112 da lambar 'yan kwana-kwana nan take, karanta abin da ke rubuce jikin taga.
5. Maigadi: tare ƙofar shiga, tara mutane a inda iska ba ta kai hayaƙi.
6. Yara biyu tare: tukunyar hoda, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba ruwa.
7. Tukunya biyu sun ƙare, ko wuta ta kama famfo ko rufi: kowa ya fita.
8. A wurin taruwa: ƙirga ma'aikata, kula da wanda ya ƙone, kira manaja.
9. Ba a mayar da wutar famfo sai mai gyara ya duba, an cika tukwane, manaja ya rubuta rahoto ya sanar da hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai.

Na 3, 4 da 5 lokaci ɗaya ake yinsu, zan ja musu layi a gefe. Maganar motocin layi ban sa ba tukuna.

Injiniya Auwal:
Saura fitilu. In maɓallinku yana ɗauke har fitilun rufi, da dare wurin zai yi duhu mutane suna gudu. A bar manyan fitilun katanga a kan layi daban.

Baba Danladi:
Na katanga na yarda. Na rufin da ke saman famfo ni na fi son su mutu tare da famfon.

Nasiru:
Oga Sabo, ranar da yaro ɗaya bai zo ba fa, ko ya tafi sallah? Wa zai ɗauki na uku da na shida?

Malam Sabo:
Maigadi zai ɗauki na uku. Na shida kuwa, Baba, mutum ɗaya ya shiga da tukunya ba kowa a bayansa, ko a tsallake kai tsaye zuwa na bakwai? Injiniya, in kana da sarari gobe bayan asuba ka biyo mu gwada maɓallin a kan janareta.